Ka Ce In Duba, To Ina Abin?

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na Alhasan Mai Rairai, cikin ƙasar Mayahi. Da rani ina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi. Da damina aji a rufe yake, kowa yana gona, amma zaurena ba ya rufuwa. Mai wasiƙa yana kawowa in karanta masa. Mai son a aika saƙo ta waya yana zuwa. Mai neman shawara ma yana zuwa.

A cikin masu neman shawarar nan, da yawa suna shigowa da tambaya guda: "Malam, mi ka gani game da wannan abu?" Sai in duba hannunsu, ba kome. In duba aljihunsu, ba kome. Abin yana gida, ko yana gona, ko yana cikin ransu kawai. Yau ina so in ba ka labarin yadda wannan tambaya ta ci mana kwana 12, da kuɗi, da hatsi. Kuma tun da fari in gaya maka gaskiya, rabin laifin nawa ne.

Dattijo ya zo hannu sake

Wata Litinin ce a cikin watan Agusta. Hatsi ya fitar da kai, ya fara bununi. Bayan sallar isha'i wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya yi sallama. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka tambayi ruwa. Sannan ya ce:

"Malam, wani abu ya sauka a gonata ta arewa. Mi ka gani?"

Na ce: "Baba, wane irin abu?"

Ya ce: "Abin nan dai. Hatsin ba ya da daɗin gani."

A nan ya kamata in ce masa: "Baba, gobe da safe mu je ka nuna mini." Ban faɗa ba. Na ji nauyin a ce malam bai sani ba. Sai na ce: "Wataƙila tsutsa ce. Bari in tambayi malamin gona." Na ɗauki waya na yi wa malamin gona saƙon murya. Ga abin da na ce masa, ban rage ba, ban ƙara ba: "Hatsin wani dattijo a garinmu ya lalace. Mi ka gani?"

Ka gani? Dattijo ya kawo mini buhu ba kome ciki, ni kuma na ɗaure bakinsa na aika gaba.

Yadda kwanaki suka tafi

Malamin gona mutum ɗaya ne, ƙauyukan da ke kansa suna da yawa. Sai ranar Laraba amsarsa ta zo. Ba amsa ba ce, tambaya ce: "Ina ne ya lalace? Ganye, ko kara, ko zangarniya?"

Na je neman dattijo. Aka ce ya kwana a bukkar gona. Sai ranar Juma'a muka haɗu a masallaci. Ya ce: "Zangarniya ce." Na aika.

Ranar Lahadi malamin gona ya sake magana. Wannan karo saƙonsa ya yi tsawo. Ya ce zangarniya tana lalacewa ta hanya fiye da ɗaya. Ya yi ta bayanin kowace hanya da alamunta, yana tambaya ko wannan ce, ko waccan ce. Na saurara sau biyu. Ban iya ba shi amsa ba, domin ni kaina ban taɓa ganin gonar ba.

Shi kuwa dattijo haƙurinsa ya ƙare. Ranar kasuwa ya je wurin wani mai sayar da maganin ƙwari. Ya yi masa tambayar da ya yi mini, hannunsa ba kome. Mai magani bai tambaye shi kome ba. Ya miƙo masa kwalba, ya karɓi jika huɗu. Dattijo ya ƙara jika ɗaya da rabi, kuɗin hayar famfo da ladan yaron da ya yi feshi. Ranar Laraba aka fesa. Ba abin da ya canza.

Ranar Juma'a, kwana na 12, ƴar dattijon ta zo gidana. Ita ma ɗaliba ce, a ajin mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye zangarniya uku a kan tabarma. Ta ce:

"Malam, na ji kuna ta magana kai da Baba. Shin ka ga abin da idonka?"

Na ce ban gani ba. Kunya ta kama ni. Daga gidana zuwa gonar nan tafiyar rabin awa ce.

Na ɗauki hoton zangarniyar na aika. Kafin magariba malamin gona ya kira ni da kansa. Ya ce: "Murzuna ce. Da na ga wannan hoton ranar farko, da a ranar na gaya muku." Gani ya kori ji.

Domin mi bai iya amsawa ba?

Kada ka ce malamin gona ya ja mana rai. Ba zai iya amsawa ba, ko da ya fi kowa ilimi. Kalmar "ya lalace" babbar rumfa ce, abubuwa da yawa suna zaune a ƙarƙashinta. Bari in nuna maka uku kawai, domin ka ga yadda suka rabu.

Na farko, kuturtar hatsi. Ciwo ne, ba ƙwaro ba. Ganye yana yin fari-fari ko ruwan ɗorawa. In ka juya shi da sassafe, lokacin raɓa, za ka ga wani farin abu a bayansa kamar gari. Zangarniyar kuma, maimakon ta yi tsaba, sai ta fitar da ƙananan ganyaye a murɗe. Maganin ƙwari ba ya taɓa ta. Abin yi shi ne a tuge shukar da ta kamu a ƙone, kuma baɗi a gauraya iri da maganin iri kafin a shuka.

Na biyu, tsutsar kara. Ita tana cikin karan. Tsakiyar shukar yana bushewa alhali ganyen gefe yana ɗanye. Za ka ga ƴan huji a jikin kara, in ka tsaga shi ka tarar da rami. Zangarniyar tana fitowa ba tsaba, ko kara ya karye da iska kaɗan. Wannan tsutsa a cikin busasshen kara take yin rani. Saboda haka yaƙinta bayan girbi ake yinsa, a kan karan da muke tarawa.

Na uku, murzuna, wadda ta faɗa wa dattijo. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Tana zuba ƙwai a kan zangarniya lokacin da ta fito sabuwa. Kafin mako ya cika ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana shigewa tsakanin furanni, tana yanke su daga tushe, tana tafiya tana kewaya zangarniya. Shi ya sa kake ganin hanya a murɗe, kamar an naɗa wa zangarniyar igiya. In ka kankare wurin da farce za ka ga ƴan fararen kashinta, wani lokaci ka ga ita kanta. Tana ci kusan wata guda, sannan ta sauka ta shiga ƙasa, ta kwanta sai damina mai zuwa. Tun bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 wannan tsutsa ta zama babbar abokiyar gabar hatsi a ƙasashenmu na Sahel.

Ka ga abu uku, magani uku, lokaci uku. Duk ukun manomi zai ce "hatsina ya lalace". To, wanda aka tambaya bai ga abin ba, wanne zai zaɓa? Hanya biyu ce gare shi. Ko ya yi ta maido maka da tambayoyi, kwanaki suna wucewa. Ko ya yi ka-cici-ka-cici, ya ba ka amsar da ba taka ba. Malamin gona ya bi ta farko, muka yi hasarar kwanaki. Mai kwalba ya bi ta biyu, dattijo ya yi hasarar kuɗi. Sayen kifi a ruwa ke nan.

Abin da jinkiri ya ci

Malamin gona ya bayyana mana dalilin da feshin bai yi aiki ba. Tsutsar ta riga ta girma, ta ɓuya a cikin zangarniya, hatsin kuma ya fi tsawon yaron da ke feshi. Maganin bai kai gare ta ba.

Sannan ya gaya mana abin da ya fi ƙona mini rai. Murzuna tana da maƙiyi. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙuda girma ba, ba ya harbin mutum. Masana suna kiransa Habrobrakon. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta zuba ƙwanta a jikinta, ƴaƴanta su cinye tsutsar. Tun daga shekarar 2006 masu binciken noma na INRAN a Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka yi aikin kiwon wannan ƙwaro da sakinsa a gonaki. A cikin ƴan buhunan algarara ake kawo shi. Ana rataye buhu 15 a gari guda: uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa, uku a tsakiya. Bayan kamar mako guda sababbin ƙwarin suna fara fitowa, su bazu cikin gonaki.

Amma wannan dabara da lokaci take tafiya. Sai an rataye buhunan tun tsutsar ba ta yi nisa ba. Lissafa da kanka: kwana 12 na tambaya, sai kwanakin neman buhuna, sai mako guda kafin ƙwarin su fito. Tsutsar da duk cinta kusan wata guda ne, ai ta gama aikinta. Ƙari a kan haka, maganin da aka fesa yana kashe irin wannan ƙwaro mai taimako da yake cikin gona tun asali.

Da kaka dattijo ya ɗaure dami 40 a gonar, kamar kullum. Amma damin ba nauyi. Wanda ya saba ba shi tiya shida, huɗu ya bayar. Tiya biyu sau 40, tiya 80 ke nan. Buhu biyu cif. Ba na cewa da mun yi sauri da ba a rasa ko tiya ɗaya ba. Tsutsar ta fara ci tun kafin dattijo ya lura. Amma da an rage hasarar, kuma da jika biyar da rabi suna nan a aljihunsa.

Kada ka manta da ɗaya gefen. Malamin gona ya saurari saƙona sau uku. Ya zauna ya yi dogon bayani a kan cututtukan da ba su shafe mu ba. A wannan lokacin akwai wani manomi a wani ƙauye da ya aika tambayarsa cikakkiya, yana jiran layi ya zo kansa. Mun ci lokacinmu, mun ci na malamin, mun ci na wannan bawan Allah da ba mu sani ba.

Mi ke sa muke yin haka?

Na yi ta tunani a kan wannan. Ba wauta ba ce. Dattijon nan ya fi ni sanin noma nesa ba kusa ba.

Dalili na farko, abin ya cika masa ido. Ya kwana yana ganinsa, ya tashi yana ganinsa. In ya ce "abin nan", hoton yana gabansa sarai. Ya manta cewa ni ba na cikin kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in yana son maƙwabci ya taya shi gyara, dole ya shigar da shi ya nuna masa wurin.

Dalili na biyu, kunya. Mutum ba ya son a ga gonarsa ta lalace, ko a ga rubutunsa a karkace, ko a ga takardar bashinsa. Sai ya kewaya, yana so a ba shi magani ba tare da an ga ciwon ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dalili na uku nawa ne, na wanda aka tambaya. Girman kai. A makarantar horon malamai an koya mana kada mu fara darasi da baki kawai. In za ka koyar da harafin k, ka shigo aji da kaba a hannunka, kowa ya gani, ya taɓa, sannan ka rubuta a allo. Shekara da shekaru ina yin haka a aji. Amma ranar da aka kawo mini tambaya ba kaba, na kasa cewa: "Ina abin?"

Yadda muka yi da damina ta zagayo

Da aka buɗe aji da rani, na mai da wannan labari darasi, da izinin dattijo. Muka shirya yadda za a riƙa kai tambaya. Da hatsi ya sake fitar da kai, ƴarsa ce ta fara ganin alama, kuma ga abin da ta yi.

Ta yanko zangarniya huɗu: uku masu ciwo, ɗaya lafiyayya. Lafiyayyar tana da amfani, domin mai dubawa ya gwada su. A cikin masu ciwon ta zaɓi wadda ciwon ya fara kamawa, da wadda ya yi tsakiya, da wadda ya cinye. Ta naɗe su a takarda, ba a leda ba. Leda tana sa su gumi su ruɓe, kafin a kai alamar ta ɓace. Ta kawo su a ranar da ta yanka.

Sannan ta ƙirga. Ta ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta tsaya wuri goma, a kowane wuri ta duba zangarniya goma, ba ta zaɓa ba. Ɗari ke nan. Ta riƙe tsakuwa ɗaya a kan kowace mai ciwo. Ta fito da tsakuwa 14.

Sannan ta rubuta da hannunta, layi biyar:

Hatsi ne, gonar arewa da gari.
An shuka da ruwan farko, yanzu yana bununi.
Shekaranjiya na fara gani, a kan zangarniya.
Na duba 100, 14 sun kamu. Ba mu fesa kome ba.
Minene wannan, kuma mi za mu yi a wannan mako?

Dubi layin ƙarshe da kyau. Kawo abin bai isa ba, sai ka faɗi abin da kake son sani. In ka ajiye zangarniya ka ce "mi ka gani?" kawai, wani zai ba ka labarin iri, wani na taki, wani na ruwa.

Ni kuma na ɗauki hoto uku. Ɗaya daga nesa, a ga gonar. Ɗaya na shuka guda, daga ƙasa har sama. Ɗaya kusa-kusa, a ga hanyar tsutsar. Na goge idon wayar da bakin rigata, na juya wa rana baya, na duba hoton kafin in aika. Hoton da ya yi dishi-dishi daidai yake da hannu sake.

Amsa ta zo a ranar. Saƙo ɗaya ya tafi, ɗaya ya dawo. Malamin gona ya ce kada a fesa kome, mai gari ya tara mutane a haɗa kuɗin buhunan ƙwaron, domin aikin gari ne, ba na gona ɗaya ba. Haka aka yi.

In malamin gona ya yi maka nisa, ka sani a shekarar 2017 ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, wato RECA, ta buɗe cibiyar ba manoma shawara ta waya, da Hausa da Zabarmanci, har da saƙon murya da hoto ta WhatsApp. Duk wanda za ka tambaya ta waya, ƙa'idar ɗaya ce: yana nesa, hotonka da ƙirgenka su ne idonsa.

In abin ba ya ɗaukuwa fa?

Za ka ce: "Malam, ba kome ake ɗauka a kai ba." Gaskiya ne. Gona ba ta ɗaukuwa, rijiya ba ta ɗaukuwa, saniyar da ta kwanta ba ta ɗaukuwa. To, ka kai yankinsa, ko hotonsa, ko ƙirgensa. In duk ba su yiwu ba, ka kai mai shawarar wurin abin.

Wannan bai tsaya ga hatsi ba. In takarda aka aiko maka daga bariki, ka kawo takardar, kada ka kawo abin da ka tuna an karanta maka. In magani ka sha bai karɓe ka ba, ka tafi likita da kwalinsa. In takardar sirri ce, ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka nuna masa ita duka. Ya fi ka tambayi mutum biyar rabi-rabi.

Kai ma ka fara karatu, gobe kai za a riƙa tambaya a gidanku. In aka zo maka hannu sake, kada ka yi irin tawa. Ka gaisa, ka ba baƙo ruwa, sannan ka ce masa cikin ladabi: "Ina abin? Mu gani." Ba raini ba ne. Taimako ke nan na farko.

Kwanan baya dattijon ya sake yin sallama a zaurena. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga hannu yana dariya, ya ce: "Malam, yau ga ni ga shi." Takardar rijistar jikarsa ce ta lakkol. Kafin shayi ya tafasa mun gama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gonarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.